Suyar karfasa sukutum: baya ya yi duhu, ciki bai nuna ba

Maman Hanan: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Don Allah masu sanin suyar kifi ku taimaka min. Karfasa nake sayowa manya, kowace ta kai kamar giram 700, ina son in soya ta sukutum ba tare da na yanka gunduwa-gunduwa ba. Idan na cika wuta sai bayan ya yi duhu har ya fara ɗaci, amma in an ɓare sai a ga jikin ƙaya da sauran ja. Idan kuma na rage wuta sai ta sha mai, fatar ta yi laɓo-laɓo, wani lokacin ma ta manne a kasko ta saɓule. Ni dai irin wadda fatarta ke yin ƙaras-ƙaras nake so, ciki kuma da laushi. Yaya ake gane zafin man, kuma minti nawa ake ba ta?

Ummi Zariya: Wa alaikumussalam. Anty ki riƙa jefa albasa a man. Da kin ji ta yi cuu to ya yi zafi, sai ki saka kifinki. Kuma ki barbaɗa gishiri a man, ba zai kama ba.

Hajiya Balaraba: Maman Hanan, kafin a yi maganar minti, amsa min abu uku. Kaurin kifin nawa ne idan kin kwantar da shi a faranti, daga faranti zuwa saman tudun nan na bayan kai? Mai nawa kike zubawa? Kuma me kike shafa masa kafin ya shiga kasko?

Maman Hanan: Hajiya, yanzu na je na gwada da rular yara, ya kai santimita 4 da rabi. Mai kuwa bai cika lita ɗaya ba, yana kai wa rabin kifin. Ina markaɗa attaruhu da albasa da tafarnuwa da citta, in matse lemon tsami, in sa magi, in shafe shi ciki da waje ya kwana a firij.

Hajiya Balaraba: To ga matsalar nan ta fito. Duhun da kike gani ba fatar kifi ba ce ta soyu, markaɗen ne ya ƙone. Albasa da tafarnuwa suna da zaƙi a jikinsu, kuma ba sa jure mai mai zafi fiye da 'yan mintuna. Kifi mai kaurin santimita 4 da rabi yana bukatar ya fi minti goma a cikin mai, su kuwa tun a minti na uku ko na huɗu sun fara baƙi. Ke kuma kina ganin baƙi sai ki ce ya soyu, ki tsame, alhali zafi bai kai ga ƙaya ba.

Na biyu, markaɗen nan ruwa ne. Fata ba ta yin ƙaras sai ruwan da ke cikinta ya fita, kuma muddin da ruwa a saman kifin, wurin ba zai wuce zafin tafasar ruwa ba, wato digiri 100, komai zafin man da ke kewaye da shi. Sai ruwan ya ƙare tukuna fatar za ta fara ja. Duk ruwan da kika shigar da shi kasko, man ne zai ɓata zafinsa wurin ƙone shi. Lemon tsamin da ya kwana a jiki kuma yana sa fatar ta yi rauni, shi ya sa take saɓulewa.

Ga yadda nake yi. Bayan an kankare ɓawo an cire kayan ciki da na cikin kunne, in wanke da lemon tsami saboda ƙarni, in ɗauraye nan take. Sai in tsaga shi a kaikaice, tsaga uku ko huɗu kowane gefe, wuƙar ta taɓa ƙayar tsakiya. In barbaɗa gishiri, in bar shi minti 20 zuwa 30. Za ki ga ya tsatso ruwa. In goge da tsumma mai tsabta har cikin cikinsa da cikin kai. Kayan ƙamshi kuma cikin tsagar da cikin cikin nake cusa su, ba na barin komai a bayan fata. Markaɗen da ya rage ki soya shi daban ya zama miyar da za a ci kifin da ita.

Malam Sani Yauri: Hajiya ta faɗi gaskiya. Sana'ata ke nan, a bakin kasuwa nake suya. Mu kifi kan kwando muke jera shi iska ta buga shi kafin ya ga mai. In ka taɓa fatarsa ka ji ta ɗan yi tauri ba ta jiƙa maka yatsa, to ya isa shiga. Wanda aka wanke yanzu aka jefa yanzu, shi ne mai fallatsa yana ƙona mutum, kuma shi ne mai kama kasko.

Amma abin da ya fi damuna a maganar Maman Hanan shi ne man. Ƙasa da lita ɗaya ga kifi babba haka, kuma daga firij, ai da ya shiga man ya mutu. Mu abin da ya sa namu ke fita da kyau ba wani sirri ba ne, kaskon babba ne, man da yawa, wutar itace ba ta ja da baya. Kifi biyar ya shiga man bai san an yi ba.

Injiniya Kabiru: Ina da ma'aunin zafi na girki, irin mai tsinken ƙarfe, kuma na taɓa bin wannan abin da Malam Sani ke faɗi da ido. Na kai mai wajen lita ɗaya digiri 180, na saka karfasa mai sanyi, kafin minti ɗaya ya sauko wajen 140. A kan ƙaramin kan gas ya daɗe bai farfaɗo ba. Wannan lokacin ne kifi yake kwance a mai yana dahuwa maimakon suya. Don haka lambar da ake faɗi, 175 zuwa 180, ba ta lokacin saka kifi kaɗai ba ce, ana so man ya dawo kusa da ita da wuri.

Maganar lokaci kuma akwai ƙa'idar da masu girki ke amfani da ita: minti 10 ga kowane inci ɗaya na kauri, wato santimita 2 da rabi. Kifinki santimita 4 da rabi, kin ga wajen minti 18 ke nan.

Hajiya Balaraba: Injiniya, maganarka ta farko daidai ce. Ƙa'idar minti goman kuma na san ta, amma ta fi dacewa da gashi a oben ko suyar ɗan mai a tanda. Idan kifi ya nutse a mai, zafi yana shigarsa ta ko'ina lokaci guda, har ta cikin cikinsa, kuma an tsaga shi. Minti 18 a mai mai digiri 180 zai busar da karfasar nan, gefen wutsiya da ciki su zama kamar kilishi.

Kuma lissafin ba ya tafiya a miƙe haka. Kifin da ya ninka wani kauri ba ninki biyu na lokaci yake ci ba, in ba a tsaga shi ba yana iya neman kusan ninki huɗu, domin zafi a hankali yake ratsa tsoka daga waje zuwa tsakiya. Wannan ne amfanin tsaga. Ba don ado ake yin ta ba. Idan tsakanin tsaga da tsaga santimita 2 ne zuwa 3, to zafin ba sai ya bi duk kaurin kifin ba, ta gefen tsagar yake shiga.

Injiniya Kabiru: Na karɓi batun tsagar, Hajiya. To ke nawa kike ba shi?

Hajiya Balaraba: Gwargwadon kauri, kuma zafin man ma yana canzawa da kaurin. Mutane suna ɗauka babban kifi babbar wuta yake so, alhali akasin haka ne.

Ƙananan kifi irin su kawara da 'yan karfasa da ba su wuce santimita 2 ba, su ne masu son mai mai zafi sosai, 185 zuwa 190, minti 4 zuwa 6 sun gama. Cikinsu yana nuna da wuri, don haka ana so fatar ta yi sauri ta cim masa. Matsakaiciyar karfasa mai kaurin santimita 3, wadda mutum ɗaya zai cinye, 175 zuwa 180, minti 8 zuwa 10 in ta nutse.

Irin ta Maman Hanan kuwa suya biyu nake mata. In sa man ya kai 180, in saka kifi, zafin zai sauka da kansa, sai in daidaita wuta ya zauna wajen 165 zuwa 170. A haka za ta yi minti 12 zuwa 14, in juya ta sau ɗaya a tsakani. Launinta a lokacin bai wuce ruwan zuma mai haske ba. In tsame, in ɗora a kan raga ta huta minti 5. A hutun nan zafin da ke waje yana ci gaba da shiga tsakiya, ruwan ciki kuma yana fitowa saman fata. Kafin nan na ƙara wuta man ya kai 190. In mayar da ita minti ɗaya da rabi zuwa biyu. Wannan ta biyun ce mai kawo ƙaras ɗin.

In kifi ya wuce santimita 5 zuwa 6, kamar babban ragon ruwa ko giwan ruwa, ni ba na wahalar da kaina da sukutum. Ko dai a buɗe shi ta baya a shimfiɗa, ko a yanka.

Maman Hanan: Allah Ya saka da alheri Hajiya. Sai dai ni ba ni da ma'aunin nan, kuma gaskiya ba zan iya zuba lita uku ta mai don kifi biyu ba a wannan tsadar.

Malam Sani Yauri: Ba dole sai ya nutse ba. Ki samu kasko mai zurfin tsakiya irin na ƙosai, mai kauri, shi mai kaɗan yake taruwa wuri guda. Man ya haura rabin kifin kaɗan. Ki soya ɗaya bayan ɗaya, kada ki haɗa biyu. Ki fito da shi daga firij ya sha iska kamar minti 20 kafin nan. Gefen farko ki ba shi minti 7 zuwa 8, kina ɗibar mai da ludayi kina zuba wa saman da kan. Ki juya, ɗaya gefen minti 6. Kai shi ne mai taurin nuna, in ya leƙo waje ki karkata kaskon ya sha mai.

Babban abin kuma, in kin saka kada ki taɓa shi. Minti uku zuwa huɗun farko ko ya kama kasko ki ƙyale shi. Fata in ta soyu da kanta take sakin ƙarfe. Masu zungurinsa da matsami suna dubawa su ne masu yaga shi.

Ummi Zariya: To Baba, gwajin albasar fa? Mu haka muka taso muna gani.

Malam Sani Yauri: Albasa tana kashe gafin man gyaɗa, wannan amfaninta ne, 'yata. Amma ba ta nuna zafi. Ita da man ya ɗan wuce zafin tafasar ruwa za ta fara cuu, alhali da sauran tafiya kafin ya isa kifi. Ni wutsiyar kifin nake tsomawa. In kumfa ta taso da ƙarfi nan take ta kewaye ta, in sake shi. In 'yan ƙwayoyi ne ke tasowa a hankali, in ɗaga in jira.

Injiniya Kabiru: Akwai kuma na burodi. A yanki ɗan guntu kamar kan babban yatsa a jefa. In ya yi ja mai kyau cikin kamar minti ɗaya, man yana wajen da ake so ga matsakaicin kifi. In cikin daƙiƙa 20 ya yi duhu, ya zarce. In minti biyu ya wuce yana nan fari, bai kai ba. Burodinmu mai sukari ne, yana saurin ja, a sa wannan a lissafi.

Aisha Maraɗi: Sannunku da hira. Ni tarwaɗa ce ke ba ni wahala, ko na yanka ta in na sa a farfesu sai ta dagargaje. Ko suyar nan biyu za ta hana?

Hajiya Balaraba: Aisha, taki daban ce, wannan maganar yawan juyawa da daɗewa a romo ce. Amma tunda kin ambaci tarwaɗa, kada wani ya ɗauki lissafin da na bayar ya ɗora mata kai tsaye. Tarwaɗa ba ta da ɓawo, fatarta mai yauƙi ce mai maiƙo, jikinta kuma zagaye yake, ba faffaɗa kamar karfasa ba. Sai an cire yauƙin da gishiri ko toka ko ruwan zafi, kuma ko an yi haka fatarta ba ta yin ƙaras irin ta karfasa. Ita kam tana son ɗan gari a jiki.

Chef Nafisa: Tunda an zo maganar gari bari in sa baki. Ni duk kifin da zan soya sukutum sai na barbaɗa masa garin sitaci na masara ko garin shinkafa, siriri, in kakkaɓe har sai kamar babu. Yana tsotse ɗan damshin da tsumma bai kwashe ba, yana hana kamawa, kuma ƙaras ɗin yana daɗewa. Fulawa ba ta kai su ba, ita tana saurin yin laushi in kifin ya huce. Ga mai ɗan mai a gida kamar Maman Hanan, wannan ya fi sauƙi.

Malam Sani Yauri: Gari yana ɓata mai, Hajiya Nafisa. Yana zubewa ƙasan kasko ya ƙone, kifi na uku ya fito da ɗigo-ɗigon baƙi da ɗaci. Kuma abin da ake ci ƙaras ɗin gari ne, ba na fata ba. Karfasar da ta bushe da kyau ba ta neman komai.

Chef Nafisa: Malam, kai kana soya kwando guda a mai ɗaya tun safe, dole gari ya dame ka. Mai kifi biyu ba za ta kai ga haka ba, in ta gama ta tace man nata. Ni na gwada duka biyun, kuma wanda zai jira maigida ya dawo daga masallaci, mai garin ya fi riƙe kansa.

Malam Sani Yauri: Wajen jira na yarda ya fi. Wajen daɗi ban yarda ba.

Maman Hanan: Wani abu kuma, man da nake amfani da shi na gyaɗa ne na gida, wanda masu ƙuli ke matsewa. Da na cika wuta sai ya fara hayaƙi yana kumfa. Zai kai 190 ɗin nan kuwa?

Hajiya Balaraba: Da wuya ya kai lafiya. Man gida ba a tace shi irin na kamfani ba, akwai burbushin tunkuza da ɗan ruwa a cikinsa, shi ya sa yake kumfa kuma yake saurin hayaƙi. Man gyaɗan da aka tace a kamfani yana wuce digiri 200 bai yi hayaƙi ba. Na gida yana farawa tun ƙasa da haka sosai, kuma kowane bugu da nasa hali. In shi ne a hannunki, ki bar shi ya kwanta ki tsiyaye na sama, ki soya shi da albasa tukuna har kumfar ta kwanta, ki tsame albasar. Suyar farko zai yi miki ita da kyau, ga ƙamshi. Ta biyun ki tsaya daidai inda hayaƙi bai fara ba, ki ƙara mata minti ɗaya a maimakon ƙarin wuta. Man da ya riga ya yi hayaƙi ɗacinsa yana bin kifi. Kuma kada man ya wuce rabin kaskon, domin mai kumfa in kifi ya shiga tasowa yake, in ya zubo kan wuta abin ba kyau. Ki zura kifin daga gabanki zuwa can, kada ki jefa.

Injiniya Kabiru: Ga mai ma'auni, a soka shi a wuri mafi kauri kusa da ƙaya, in ya kai digiri 63 kifi ya nuna.

Malam Sani Yauri: Ga marar ma'auni kuma, a buɗa tsagar da ta fi kusa da kai da bakin wuƙa. In tsokar ta yi fari har ƙasa tana rabuwa da ƙaya ba gardama, ya yi. In tana sheƙi tana riƙe da ƙayar, da saura. Ƙayar bayan nan ma in ka ja ta ta zare cikin sauƙi, alama ce. Kunne ma yana ji: ƙarar man tana raguwa, manyan kumfa su koma ƙanana.

Sannan jan da Maman Hanan ke gani, a duba, ba kullum rashin nuna ba ne. A cikin cikin kifi, manne da ƙayar baya, akwai wani layin gudan jini. Masu gyara da yawa ba sa taɓa shi. In ba a tsaga fatar da ta rufe shi an kankare da cokali an wanke ba, ko kifin ya nuna wurin zai fito ja-ja baƙi-baƙi, kuma ƙarni daga nan yake.

Maman Hanan: Wallahi ban taɓa cire wannan ba, Malam. Amma nawa tsokar ma tana sheƙi, ina ga duka biyun ne.

Bashir Kaduna: Kifin ƙanƙara fa, kamar taitus? Lissafin ɗaya ne?

Chef Nafisa: Sai ya narke gaba ɗaya tukuna, har tsakiya. In da sauran ƙanƙara a jikin ƙaya babu lissafin da zai yi aiki, waje zai ƙone ciki na sanyi. Kuma yana ta tsatsar ruwa bayan ya narke, sai an goge an sake gogewa. Taitus fatarsa siririya ce ga maiƙo, za ta yi ja ta yi daɗi amma kada ka sa ran ƙaras mai ƙara. Mai kaurin santimita 3 zuwa 4 da aka tsaga, minti 8 zuwa 10 ya ishe shi, in ya wuce haka tsokar ta bushe.

Kuma duk wanda ya sha wahalar nan kada ya ƙarasa ta a kula. Kifi mai zafi yana fitar da tururi, in an rufe shi ko an ƙunshe a leda, tururin fatar yake komawa, cikin minti biyar ta saki. Ko a kan faranti aka kwantar da shi, gefen ƙasa zai jiƙe. A ɗora a raga ko kwandon ƙarfe iska na bi ta ƙasa, miya kuma a gefe.

Ummi Zariya: Gishirin cikin mai dai ba wanda ya ce komai a kai. Ni ina sawa kuma ba ya kama min.

Hajiya Balaraba: Ummi, ni a ganina zafin manki ne da kaskonki da ya daɗe yana shan mai suke hana kamawar. Gishiri ba ya narkewa a mai, ƙasa yake kwanciya.

Malam Sani Yauri: To ai kwanciyar tasa a ƙasa ita ce maganar, Hajiya. Yana shiga tsakanin fata da ƙarfe. A babban kasko ba na sawa don kifin yawo yake a mai, amma a gida iyalina suna sawa in man kaɗan ne. Ummi, kaskon naki na ƙarfe ne ko na dalma? Kuma gishirin mai laushi kike sawa ko mai tsakuwa?